Yadda ake rufe zancen farko cikin mutunci idan jini bai haɗu ba

A Kano ba kasafai zancen farko yake zama na mutum biyu kawai ba. Ko dai wata anti ce ta ba da lamba, ko abokin aiki ya ce yana da ƙanwa, ko kuma an kwashe wata guda ana hira a waya kafin a sa ranar ganin juna. Ranar na zuwa shi zai sa shadda, ya karya hula, ya taso daga Gwammaja har Hotoro. Ita kuma an share falo, an sa turaren wuta, ƙannenta suna leƙe ta labule. Sai a zauna, kafin a yi minti goma sha biyar, ɗaya daga cikinsu ya ji a ransa cewa abin bai yi masa ba. Ba faɗa aka yi ba, ba wani laifi aka gani ba, jini ne kawai bai haɗu ba.

Wannan ba abin kunya ba ne, domin dama don haka ake zuwa ganin juna. Da Mugira ɗan Shu'uba ya nemi wata mace, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya je ya gan ta, saboda hakan ya fi sa a daidaita. Gani kuwa yana iya kawo e, yana iya kawo a'a. Inda ake samun matsala shi ne yadda ake isar da a'ar.

Dabarar gaba ɗayanta ita ce a raba aikin gida biyu. Rufe zaman daban, ba da amsa daban. A daren zancen aikinka shi ne ka tashi lafiya ba tare da ka ɗauki alƙawarin da ba za ka cika ba. Amsa kuma tana zuwa bayan kwana ɗaya zuwa uku, a fili, ta ƙofar da maganar ta shigo. Masu cakuɗa biyun su ne suke ƙarewa ko dai sun yarfa mutum a gidansu, ko kuma sun ce “zan dawo ranar Laraba” alhali sun san ba su ba unguwar.

Tun kafin a zauna, a sa wa zaman iyaka

Tashi yana wahala ne idan ba a san lokacin tashi ba. Saboda haka tun ranar da ake sa lokaci a waya, a faɗi iyakarsa. Namiji ya ce: “Zan shigo wajen ƙarfe biyar mu gaisa, ba zan jima ba, kafin magariba zan wuce.” Mace ta ce: “Bayan la'asar ya fi min, don a gidanmu ba a hira da daddare.” Da an faɗi haka, in lokaci ya yi aka miƙe babu wanda zai ce an gudu ko an kore shi.

Zancen yamma ya fi dacewa da haɗuwar farko nesa ba kusa ba, domin kiran sallar magariba yana rufe shi da kansa. A Kano magariba tana faɗawa ne tsakanin wajen ƙarfe shida da bakwai, gwargwadon lokacin shekara, ta fi saurin yi da hunturu. Wanda ya zo ƙarfe biyar da kwata yana da minti arba'in zuwa awa ɗaya da ɗoriya, kuma wannan ya isa a san ko za a sake zama. Zancen bayan isha ba shi da wannan birkin. In dai sai shi za a yi, a faɗi ƙarfe tara tun farko.

Wajen zama ma yana da tasiri. Falon baƙi, soro, ko tabarma a harabar gida, duk suna da sauƙin tashi. Cikin mota ba shi da shi, ballantana ga mace, don makullin ba a hannunta yake ba. In a wurin cin abinci aka shirya haɗuwa, misali a Zoo Road, ta zo da 'yar rakiya da kuɗin adaidaita sahunta a jaka, kada komawarta gida ya rataya a wuyan wanda za ta ce wa a'a.

Kunya ce ko rashin haɗuwar jini?

Kafin ka yanke hukunci ka ba zaman aƙalla minti ashirin. Minti goman farko ba a auna komai da su: gaisuwa ce, ya hanya, ya mutanen gida, ya aiki. Yarinyar da ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi tana amsa “e” da “a'a” wataƙila tarbiyyar gidansu ce, ba wai ba ta da abin faɗa ba. Saurayin da yake ta zuba labarin kasuwancinsa babu numfashi shi ma sau da yawa tsoron shiru ne yake damunsa.

Ga ma'aunin da ya fi aiki. Ka tambayi kanka: in an ce gobe zan sake zama da wannan mutumin, sha'awar jin ƙarin labarinsa nake yi, ko nauyi nake ji? In amsar ita ce “ban sani ba”, to ba a kai ga a'a ba tukuna, zama na biyu bai zama yaudara ba. In kuwa nauyi ne zalla, ko an taɓo abin da ba ya gyaruwa da sabo, kamar ita tana son ta ci gaba da aikin asibiti shi kuma ya ce matarsa ba ta fita, ko shi Legas zai koma da zama ita ba za ta iya nisa da mahaifiyarta ba, to an gama. Sauran bayanin nan na wanda ya tabbata ne.

Sauran zaman

Daga lokacin da zuciya ta ce a'a, abu biyu ake kiyayewa: kada fuska ta canza, kada kuma baki ya ƙara zaƙi.

Na farkon shi ne kora da hali, kuma kowa ya san kamanninsa. A ɗauko waya a hau latsawa, a dinga duba agogo, a yi hamma, a shiga cikin gida a yi minti goma kafin a fito, ko a tura wa ƙawa saƙo ta kira a ce Umma tana nema. Mutum ba yaro ba ne, yana ganewa, kuma abin da zai tafi da shi ba “ba mu dace ba” ba ne, “an wulaƙanta ni” ne. Wannan labarin shi zai kai wa wadda ta haɗa. Wayar a kife ta, a ci gaba da kallon mai magana yadda aka fara. In an kawo ruwa da lemo, namiji ya sha ko kurɓi biyu ne. Barin tire yadda aka kawo shi magana ce, kuma ana karanta ta a cikin gida da zarar an mayar da shi kicin.

Na biyun ya fi yawa a wajen maza masu kunya. Don kada a gane, sai mutum ya shiga yabo: gaskiya kin fi hotonki kyau, irinki nake nema. Ko ya shiga tambayoyin gaba, wace unguwa kike son zama, 'ya'ya nawa kike so. Duk kalma ɗaya irin wannan bashi ce da za a biyo ka. A karkatar da hirar zuwa abin da ba ya ɗaure kowa: karatu, sana'a, zafin gari, cunkoson Ƙofar Ruwa ko na Kurna da yamma. A daina tono sirrin mutum kuma. In bazawara ce, kada ka tambaye ta dalilin mutuwar aurenta alhali ka riga ka san ba za ka dawo ba. Ba ka da haƙƙin ɗaukar labarin da ba za ka yi komai da shi ba.

Kada a yanke zaman ƙasa da rabin awa, sai dai in an ga rashin ɗa'a. Wanda ya keto gari ya zo, ko wadda ta ɓata yammacinta tana shiri, tashi bayan minti goma mari ne. Kada kuma ya wuce awa ɗaya don kara, domin daɗewa ita ma alama ce. In baƙo ya kai awa biyu, cikin gida sun fara lissafin lefe.

Tashi da rakiya

Nan ne wurin da yake da santsi. A al'ada baƙo ne yake neman tafiya, don haka in namiji ne abin bai yi wa ba, aikinsa ya fi sauƙi. Ya ba da sanarwa minti biyar kafin ya miƙe, “To Malama, magariba ta gabato, bari na kama hanya”, ya ƙarasa maganar da ake yi, sannan ya yi godiya a kan abin da yake gaskiya ne: “Na gode da karramawa, Allah ya saka da alheri. A gaida su Umma.” In al'adar gidan ce baƙo ya gaida magabata kuma an ce ya shigo, ya shiga ya durƙusa ya gaishe su a taƙaice. Amma kada shi da kansa ya nemi a kai shi wajen Baba. Neman ganin uba a zuwan farko, a fahimtar kowa, saƙo ne cewa da gaske ake.

In mace ce, ba za ta ce wa baƙo ya tashi ba, amma tana da hanyarta. Ta jingina da lokacin da aka riga aka faɗa: “Ka ga har an fara kiran sallah, kada ka rasa jam'i, akwai masallaci nan bakin layi.” Ko: “Tara ta yi, yanzu za a rufe gida.” Ta faɗa da sakin fuska, ta fara tattara kofuna. Ta yi masa rakiyar da aka saba, zuwa bakin soro ko bakin get, ba ƙasa da haka ba, ba kuma har jikin mota ana jingina ana sabuwar hira ba.

A bakin ƙofar nan ne tambayar take fitowa. Shi zai ce, “To yaushe zan dawo?” Ko ita ta ce, “Sai yaushe ke nan?” Yawancin ƙaryar da ake yi a harkar nan a wannan daƙiƙar ake yin ta, saboda an zo ba a shirya amsa ba. A shirya ta tun daga gida.

Amsoshin da suke jawo rigima sanannu ne. “Duk lokacin da ka samu dama” izini ne buɗaɗɗe, ranar Asabar za ki ji yaro ya shigo ya ce ana sallama da ke. “Zan kira ki in na isa gida” yana sa ta kwana da waya a hannu. “Insha Allahu sati mai zuwa” ya fi duka muni, don an jingina ƙarya da sunan Allah. Amsar da ba ta da ƙarya kuma ba ta da yarfi ita ce wadda ta yi alƙawarin amsa, ba alƙawarin dawowa ba. Mace ta ce: “Ka bari na yi shawara tukuna, za ka ji daga gare ni kafin Juma'a. Kada ka sake wahalar zuwa sai mun yi magana.” Namiji ya ce: “Bari kowa ya je ya yi nazari ya yi addu'a, zan sanar da ke abin da ke nan cikin kwana biyu.” Mai hankali daga nan ya fara shirya zuciyarsa, kuma babu abin da aka faɗa da za a janye.

Game da istihara: in za ka ce za ka yi, to ka yi ta da gaske, raka'a biyu ce da addu'a. Amma kada a mayar da ita mafaka, a dawo a ce “istihara ta nuna ba alheri”, ko a ƙirƙiro mafarki. Wanda aka faɗa wa haka zai tafi yana tunanin wane sharri aka gano a tare da shi.

Me ya sa ba za a faɗi a'ar a nan take ba? Saboda wuri ne da ba a iya ɓoye fuska. Akwai yara a ƙofar gida, akwai 'yan majalisa a kan dakali, ita kuma za ta koma ciki ta tarar da masu jiran labari. A ba mutum damar jin maganar shi kaɗai a ɗakinsa. Sai dai akwai lokacin da ake faɗa a take: in mutum ya tsare ki da tambaya kai tsaye, misali ya ce gobe zai turo magabatansa, ko daga wani gari ya zo yana shirin kwana don ya dawo da safe. A nan jinkiri cutarwa ce. Ta ce a hankali, yadda na gefe ba zai ji ba: “Malam, kada ka turo. Na gode da mutuncin da ka yi min, amma ban ga za mu daidaita ba. Allah ya ba ka wadda ta fi ni.”

Kuɗin zance da tsaraba

Maza da yawa ba sa zuwa hannu rabbana. Akwai leda ta kayan maƙulashe, turare, ko kuɗin da ake ajiyewa a hannun kujera a ce a ba yara. Ga namijin da ba zai dawo ba: ledar da ka riga ka shigo da ita ka bar ta, komawa da ita mota ƙaranta ce. Amma kada ka ƙara wani kuɗi mai nauyi don wanke laifi. Babbar kyauta a zuwan farko ana fassara ta da kamu.

Ga mace, a duba girman abin. Alawa, biskit, ko 'yan canjin da ya miƙa wa ƙannenki da hannunsa, wannan a bar shi, mayar da shi cin fuska ne. Amma kuɗi masu kauri, waya, atamfa ko turare mai tsada, kada ki karɓa in kin san amsarki. Ki ce: “Wallahi ka bar shi, zuwan ma ya isa. A gida an hana mu karɓa a zuwan farko.” In dai da gaske haka dokar gidanku take. In ba haka ba, “ka bar shi tukuna” ta wadatar. In ya ajiye ya tafi, kada a buɗe, kada a taɓa. A mayar ta hannun wadda ta haɗa, ko wani yayanki namiji, tare da amsar. In ta banki ya turo, a mayar daidai adadin, a ajiye shaidar turawar. Da yawa daga cikin maganganun “ta ci kuɗina ta yaudare ni” da ake kaiwa gaban mai unguwa ko ofishin Hisba daga irin wannan ƙaramin sakacin suke farawa, a karɓa yau don kunya, a karɓa gobe don an saba.

Amsar kanta

A ɗauki misali. Wani malamin sakandare ne, antinsa ta haɗa shi da 'yar ƙawarta. Sun yi sati biyu suna gaisawa a WhatsApp, ya je ranar Lahadi da yamma, ya yi minti hamsin, ya fito ya san ba zai koma ba. A bakin get ya ce za ta ji shi cikin kwana biyu.

Daren Lahadi, in ta turo “ka isa lafiya?”, ya amsa gajere: “Lafiya ƙalau, na gode sosai da karamci.” Ba zai yi shiru ba, ba kuma zai buɗe hirar dare ba. Ba zai ba da amsar a daren ba, don kada ta ga kamar tun yana zaune yake ƙosawa ya tsere. Litinin ya bar ta ta wuce, ya sake auna zuciyarsa. Talata da rana ko da yamma, ba tsakar dare ba, ba kuma da sassafe tana shirin fita ba, sai ya aika.

Wa zai fara sanarwa, yarinyar ko antin? Tunda sun riga sun saba magana kai tsaye, ita ce farko, antin kuma nan take bayanta, a cikin awa guda. In ya fara gaya wa anti, labari zai iya zagayawa ta wajen mahaifiyarta ya same ta a tsakar gida. In kuwa ba su taɓa magana ba sai ranar, manya ne suka shirya komai, to amsar ta bi ta hannun manyan, shi ba sai ya neme ta ba.

Kira ko rubutu? Bayan zama ɗaya rubutaccen saƙo ya isa, har ma ya fi sauƙi ga mai karɓa, don ba sai ta daidaita muryarta ba. Saƙon murya a guje shi, yana tsawo, ana ta kame-kame a ciki, kuma ana iya tura shi gaba. Saƙon ya ƙunshi abu huɗu kawai: sallama da godiya, hukuncin a jimla ɗaya, wanke ta daga laifi, da addu'a. Kamar haka:

“Assalamu alaikum Malama. Na gode da karɓar da kuka yi min ranar Lahadi, ke da mutanen gida. Na yi nazari kamar yadda na ce, kuma gaskiya ban ga za mu daidaita ba, shi ya sa na ga gara na faɗa miki da wuri kada na ɓata miki lokaci. Ban ga wani abin ƙi a tare da ke ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa na alheri.”

A lura da abin da babu a ciki. Babu “a yanzu”, babu “tukuna”, babu “wataƙila nan gaba”, domin waɗannan kalmomin ƙofa suke bari a buɗe, mai so kuma ko tsagar ƙofa ya gani zai zauna jira. Babu “mu zama wa da ƙanwa”, wanda kowa ya san ba ya ɗorewa. Babu dogon ban haƙuri, don ba laifi aka yi ba, kuma yawan “ki yafe min” yana tilasta mata ta koma lallashin wanda ya ƙi ta. In mace ce mai aikawa, tsarin ɗaya ne, sai dai ta ƙara jimla guda: “Don Allah kada ka wahalar da kanka da sake zuwa.”

In ta tambayi dalili, a tsaya a kan na farko: “Ba wani abu kika yi ba, ra'ayinmu ne na ga bai zo ɗaya ba.” In dalilin na tsarin rayuwa ne, kamar aiki ko garin zama, ana iya faɗa, don ba ya taɓa mutunci. In na halitta ne, tsawo, ƙiba, launin fata, yanayin magana, ba a faɗa ko an nace. Ba abin da mutum zai yi da wannan bayanin sai ya dinga tuna shi gaban madubi.

Uzurin ƙarya kuma a Kano ba ya kwana. “An yi min miji a gida” yana tonuwa ranar da antin ta haɗu da mahaifiyarki a gidan biki. “Ban shirya aure yanzu ba” yana tonuwa ranar da katin ɗaurin aurenka ya fito bayan wata huɗu. Akwai kuma sabon salo na fakewa da rukunin jini, mutum ya ji ta ce ita AS ce sai ya ce shi ma AS ne. Gaskiya ne in AS biyu suka yi aure kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila, kuma tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na wannan. In da gaske ne, dalili ne mai ƙarfi da ba ya ɓata wa kowa. In ƙarya ce, ka laƙaba wa kanka abin da zai bi ka cikin dangi, kuma wata rana takardar asibiti za ta ƙaryata ka.

Mutanen gida da wadda ta haɗa

Anti za ta so jin dalili, kuma za ta matsa. “Me ka gani? Yarinya ga hankali ga kyau.” Amsar ita ce a yabi abin da yake gaskiya a tsaya: “Anti, wallahi gidan mutunci ne, sun karrama ni. Ni ne dai hankalina bai kwanta ba, kuma ba na so na ja su a yi nisa. Ki taya ni ba su haƙuri.” Duk abin da ka faɗa mata ka ɗauka kamar a kunnen mahaifiyar yarinyar ka faɗa, don can zai ƙare. In ta ce ka ƙara zuwa sau ɗaya ko don ita, kada ka je in ka tabbata. Zuwa na biyu yana ninka zaton da ake yi, janyewa bayansa kuma ta fi ciwo.

Mace ta fi shan matsi a nan, musamman in ana ganin ta daɗe a gida ko mutumin yana da abin hannu. Ta fara samun mahaifiyarta ita kaɗai, ba a gaban 'yan'uwa ba: “Umma, na zauna da shi, mutumin kirki ne, amma raina bai kwanta ba. Ina so a sanar da su da wuri kafin ya fara ɗawainiya.” Maganar ɗawainiya tana shiga kunnen iyaye, don babu mai son a ce gidansa an ci kayan mutum an hana shi. In mahaifi ne ya ba da izinin zuwan, kada ta tura wa mutumin saƙo kafin Baba ya sani. Amsar ta bi ta wajensa ko ta wajen wanda ya wakilta.

Abin da aka ji a wajen zance amana ne. Ba a ɗaukar hoton hirar a tura wa ƙawaye, ba a kwaikwayon muryarsa a majalisa, ba a sa habaici a sitatus. Iyakar inda aka yarda a yi magana shi ne in an ga abin cutarwa na gaske, kamar alamar shaye-shaye ko ya nemi taɓa jikinki. Wannan a gaya wa wadda ta haɗa, a sirrance, don kada gobe ta tura shi wani gidan.

In bai karɓa ba

Wasu za su amsa da “ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri.” A ce amin, a tsaya nan, kada a ci gaba da gaisuwar Juma'a da tambayar ya aiki. Wasu za su yi shiru, shirun ma amsa ce, kada a bi su da “ko kin ji haushi ne?” Wasu kuma za su ɗauka jan aji ne, domin an saba cewa mace ba ta amsawa a karon farko. Irin waɗannan a maimaita musu sau ɗaya tak, da kalmomi kusan iri ɗaya, ba tare da sabon dalili ba, don kowane sabon dalili abin musu ne: “Malam, ba jan rai nake yi ba, maganar ita ce wadda na faɗa. Ina roƙon a bar ta a nan.”

Bayan wannan ba a sake amsawa. In kira ya ci gaba kwana biyu ko uku, a rufe lambar, kuma a gaya wa wadda ta haɗa cewa an rufe da dalilin rufewar. In ya zo ƙofar gida ya aiko yaro, kada ki fita, kada kuma a ce wa yaron “ka ce ba ta nan”, don gobe zai dawo. Yayanki ko ƙanin mahaifinki ya fita, ya ba shi hannu su gaisa, ya ce: “Malam, ta riga ta ba ka amsa, mu ma a gida mun san da maganar. Ka yi haƙuri.” In abin ya kai ga tare hanya, barazana, ko cewa zai yaɗa hotuna, a adana saƙonnin kada a goge ko ɗaya, a kai wa mai unguwa, Hisba ko 'yan sanda, kuma magabata su je tare da ke.